Yadda za ka siffanta shadda har hoton ya fito kamar na gaske

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan hoton da ke gabanku. Wani tela ne a Zangon Kumasi yake son ya nuna wa wanda ya kawo masa ɗinki yadda babbar rigarsa ta Sallah za ta kasance kafin a sa almakashi, sai ya buɗe manhajar ƙera hoto ya rubuta mata wannan:

```
man in a shiny blue agbada
```

Fuska ta yi kyau, hula ta zauna. Amma rigar fa? Ta kwanta luf a jikinsa, tana walƙiya daga kafaɗa har ƙasa kamar ledar shagon kaya. Duk wanda ya taɓa riƙe shadda a kasuwar Kejetia ya san wannan ba ita ba ce. Manhajar ba ta yi laifi ba. An ce mata abu mai ƙyalli, ita kuwa mafi yawan tufafi masu ƙyalli da ta gani a hotuna satin ne da siliki, sai ta kawo su.

To daga ina ƙyallin shadda yake zuwa? Shadda auduga ce. Zanen da ke jikinta ba bugawa aka yi ba, a cikin saƙa yake. A wurin zanen, zaren tsaye ne ya hau sama, a filin da ke kewaye da shi kuma zaren kwance ne a sama, ko akasin haka. Launi ɗaya ne duka, amma da yake zaren ya kalli fuska biyu, haske ba ya dawowa iri ɗaya. Shi ya sa idan mai riga ya juya, furen da ya yi duhu ɗazu sai ya yi haske. Bayan saƙa kuma ana goge ta, ana sa sitaci, masu bugu su bi ta da bugu har fuskarta ta yi santsi. Nan taurin yake fitowa.

Saboda haka abin da za ka faɗa wa manhajar ke nan: zaren, saƙar, da yadda yadin yake tsayawa. Ga gyaran:

```
grand boubou in indigo bazin riche, cotton damask,
tone-on-tone woven pattern, stiff crisp folds,
polished sheen, soft side light, waist-up
```

Kun ga bambanci? Hannun rigar yanzu ya tsaya nesa da jiki, inda aka naɗe shi a kafaɗa ya karye da kaifi. A ganina wannan taurin ya fi ƙyallin muhimmanci, don ido yana gane yadi ta lanƙwasarsa tun kafin ya kula da saƙa. Kada ka kuskura ka sa kalmar siliki a nan wai don ƙyalli ya ƙaru. Tana shiga, rigar za ta koma ta kwanta.

Hasken gefe ma ba ado ba ne. Zane mai launi ɗaya da filinsa ba ya fitowa sai haske ya zo masa a karkace. In ka bar hasken ya bugo daga gaba, zanen zai ɓace, ka ga shuɗi fayau. Haka nan na ce a ɗauko daga ƙugu zuwa sama, domin idan mutum ya tsaya gaba ɗayansa a hoto, rigar ta yi ƙanƙanta, babu wurin da saƙa za ta bayyana komai yawan bayaninka.

Yanzu bari mu matso da hoton mu duba aikin. Ku kalli inda yadin ya lanƙwashe a gwiwar hannu. Zanen ya bi lanƙwasar, ya shige ciki ya fito a ɗaya gefen? In ya wuce a miƙe ta kan ninkin, an shafa shi ne a sama, sai a sake. Ku kalli hasken kuma: a kan tudun ninki ya kamata ya taru, kwarin ya yi duhu. Sai bakin aikin wuya, nan ne manhajoji suka fi tabka shirme, zaren aiki ya narke cikin shadda ba iyaka. In ka ga haka, ƙara wannan:

```
raised thread embroidery, visible stitches
```

Masu son kente, ku ma ku kula. In ka rubuta sunan kawai, sau da yawa atamfa mai zanen kente za ta fito, shimfiɗe ba tudu. Kente na Bonwire, garin masaƙa kusa da Kumasi, siraran ƙyallaye ne masu faɗin kusan inci 4 da aka saƙa da hannu aka haɗa gefe da gefe, don haka sai ka nemi a nuna ɗinkin da ke tsakaninsu:

```
handwoven kente, narrow strips sewn edge to edge, visible seams
```