Kafin ka sa hannu a fom ɗin haraji: yadda ake kama lambar da ta sauya a hanya

Fom ɗin harajin shekara ya cika, 31 ga Maris ta matso, saura sa hannu a kai wa hukumar tara haraji ta jiha. Dakata tukuna, Alhaji. Ɗauko fensir da kalkuleta.

Yawancin kuskure ba a wurin tarawa yake faruwa ba, a wurin kwafa ne, lokacin da jimilla ta tashi daga jadawalinta zuwa babban shafi. Don haka aza takardun biyu gefe da gefe, ka karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, kana ɗiga fensir a kan kowace.

Ga misali. Wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina, jadawalin kuɗin da ya kashe, wato haya, dako, albashin yara da wuta, ya tashi ₦2,584,300. A babban shafi kuwa an rubuta ₦2,854,300. Ido zai wuce bai gani ba, tunda lambobin duk suna nan. Cire ƙarama daga babba: ₦270,000. Yanzu raba da 9. Ya ba da 30,000 cif, babu saura. Duk sanda bambanci ya rabu da 9 haka, fara zargin an juya lambobi biyu, ko sifili ya ƙaru ko ya faɗi. A nan 5 da 8 ne suka yi musayar wuri. Abin da ya jawo shi ne ribar da ya bayyana ta ragu da ₦270,000, harajin ma ya ragu, kuma ranar da aka zo bincike shi za a tambaya, ba yaron da ya kwafa ba.

In bai rabu da 9 ba, raba shi biyu, ka nemi rabin a cikin jadawalin. Bambancin ₦96,000 yakan nuna akwai wata ₦48,000 da aka tara maimakon a cire, kamar kayan da aka dawo da su.

Sai batun kwabo. Idan an cike kowane wata zuwa naira kafin a tara, kowane layi zai iya kaucewa da kwabo 50 ko ƙasa da haka, ba fiye ba. Wata 12 ke nan, ₦6. Bambancin ₦3 kada ya hana ka barci. Amma ₦60 ba kwabo ba ne, ko da akanta ya ce shi ne. Tara da kwabonka, ka cike sau ɗaya a ƙarshe.

In ka gyara lamba guda, bi ta har ƙasa: riba, abin da ake ɗora wa haraji, harajin kansa, da ragowar da za ka biya. Sannan ka sake tara jadawalin daga ƙasa zuwa sama, domin hannun da ya tsallake layi ɗazu yakan sake tsallake shi in ya bi hanya ɗaya.