Laccar MPLS da aka yi a Samaru: me ya sa rauta ta tsakiya ba ta duba adireshi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, bari mu shiga kai tsaye don lokaci.

Kafin a zo maganar MPLS sai mun tuna yadda rauta take aiki da can, kuma har yanzu. Fakiti ya shigo, adireshin inda zai je 10.20.5.7, sai rauta ta buɗe teburinta ta tarar akwai 10.0.0.0/8, akwai 10.20.0.0/16, ga kuma 10.20.5.0/24, duka ukun sun dace da shi, to wanne zata ɗauka? Wanda ya fi tsawo, wato /24 ɗin. Ta tura shi gaba. Rauta ta gaba ma ta sake wannan binciken daga farko kamar ba a taɓa yi ba, haka ta gabanta, kowacce da nata hukuncin kuma ba abinda take kallo sai inda za a je. Daga ina kayan suka fito, na waye, ba ruwanta. Ku riƙe wannan, nan matsalar take.

To MPLS, wato tura fakiti da lebul ɗin da aka manna masa maimakon adireshi, sai ta ce a yi binciken sau ɗaya a bakin ƙofa. Kamar ka kai kaya tasha a Kwangila, ɗan kamasho ya tambaye ka ina za su, ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta lamba a jikin buhun, daga nan duk wanda buhun ya faɗa hannunsa lambar yake karantawa, ba mai kwance ɗaurin. Lebul ɗin nan bait 4 ne kacal, bit 32, ana cusa shi a gaban kan IP. Bit 20 su ne lambar kanta, 3 na matsayin kaya, 1 na nuna ko shi ne lebul na ƙarshe a ƙasa, don ana iya ɗora wani kan wani, sai 8 na TTL, lambar da ke raguwa a kowace rauta don kar fakiti ya yi ta yawo. Tun 2001 aka fitar da wannan a RFC 3031 da 3032, ba sabon abu bane.

Amma misalin tasha yana da inda ya gaza. Lambar ba ɗaya bace daga farko har ƙarshe, ana canja ta a kowace rauta, kuma rauta ta gaba ce ke gaya wa ta baya, in kina son turo min kayan wuri kaza ki sa musu lamba kaza. A ce muna da kamfani, na ƙirƙira ne kawai, da rauta a Kano, Zariya, Jos da Abuja. Ta Kano ta duba IP sau ɗaya ta manna 300, shi ne push. Ta Zariya ta ga 300, layi ɗaya tak a teburinta, cire 300 sa 412 fita ta ƙofar Jos, shi ne swap. Ta Jos kuma ta cire lebul ɗin gaba ɗaya, pop, saboda Abuja ta aiko mata da lamba 3, ma'anarta cire min kafin ya iso, kar na yi aiki biyu. Shi yasa lambobi 0 zuwa 15 ba a raba su, keɓaɓɓu ne. In kana kan Cisco zaka ga wannan da idonka:

```
show mpls forwarding-table
```

Inda ka ga Pop Label to kai ne na kusa da ƙarshe.

Ɗalibai da yawa in na tambaya a jarabawa me ya sa ake amfani da MPLS sai su rubuto min saboda sauri. A shekarun 1990 gaskiya ne, neman lamba ɗaya ya fi neman mafi tsawon adireshi sauƙi. Yanzu kam rautocin manyan kamfanoni suna binciken IP a cikin hadwaya da cikakken gudun layi, wannan hujjar ta mutu tuntuni. Abinda ya rage shi ne tunda ta tsakiya ba ta duba adireshi, ba ta da bakin cewa ga hanyar da ta fi kusa. Wanda ya manna lebul shi ya zaɓi hanya.

Mu koma kamfaninmu. Daga Zariya zuwa Abuja hanya biyu ce, ta Kaduna wadda ta fi kusa, da ta Jos mai zagaye, kowacce giga 10. Da daddare Kano na turo giga 6 zuwa Abuja, Zariya ma tana da nata giga 6. OSPF, wanda ke zaɓa wa rautoci hanya bisa tsadar da aka sa wa kowane layi, ya lissafa ya ce Kaduna ta fi araha, sai duka 12 su dunguma cikin layin 10, giga 2 na zubewa, kwastoma na zagi, ga layin Jos can a kwance ana biyan kuɗinsa ba kowa a kai. Sai wani ya ce ai sai a ƙara wa Kaduna tsada. To ka ƙara, duka 12 ɗin sun koma Jos, ka ɗauke cunkoso daga PZ ka kai shi Kwangila ne kawai. In ka daidaita tsadar su raba, a ƙaramin zane zai yi, amma a netwok mai rauta hamsin ka taɓa lamba ɗaya ka motsa kayan garuruwan da ko tunaninsu ba ka yi ba.

Da RSVP-TE kuwa, wato tsarin kama hanya tun kafin a turo kaya, sai ka je rauta ta Kano ka ce ina son hanya zuwa Abuja mai giga 6. Ita ta san abinda ya rage a kowane layi, don OSPF ko ɗan'uwansa IS-IS na yaɗa wannan labarin in an kunna. In Zariya ta riga ta kama 6 a layin Kaduna saura 4, bai isa ba, sai Kano ta goge layin daga lissafinta ta nemi mafi kusa cikin sauran, ta faɗa Jos. Ta aika saƙon PATH yana bin rautocin ɗaya bayan ɗaya har Abuja, amsar RESV ta dawo ta baya, ita ke ɗauke da lebul ɗin, 3 da 412 da 300 ɗin nan da muka gani. Shikenan, 6 nan 6 can. Kuma in masu aikin titi suka tsinke faiba, in an tanadi hanyar ko-ta-kwana tun farko, rautar da ke kusa da wurin zata ɗora wani lebul a sama ta zagaye, ana nufin cikin milisakan 50, mai kira a waya da ƙyar zai lura.

Na'am, ga hannu can. Yana tambaya, Malam idan Kano ta turo giga 9 alhali 6 ta kama fa? Yauwa ɗana, zai wuce. Kamawar nan a littafi ce kawai, ba ɗan sanda a hanya sai in kai ka sa shi a bakin ƙofa. Littafi zai ce Jos na da sauran 4 alhali saura 1, don haka ka riƙa gwada abinda aka kama da abinda ke wucewa na gaske.

Ɗaya kuma wanda ya taɓa hana ni barci a wani kamfani da na yi wa aiki, ba zan faɗi suna ba. Mun kunna komai, ping na tafiya lafiya lau, amma wasu shafuka su fara buɗewa su tsaya cak. Ashe bait 4 ɗin nan ne. Fakiti cikakke 1500, lebul biyu 8, ya zama 1508, akwai wani tsohon suwic a tsakiya da ba ya ɗaukar wannan girman, yana zubar da su shiru ba ko sallama, ƙananan na wucewa manyan na mutuwa. Sai wajen asuba wani yaro cikinmu ya ce Oga a gwada da babba mana:

```
ping 10.20.5.7 size 1500 df-bit
```

Ko ɗaya bai dawo ba. Muka rage zuwa 1492 ya wuce, bait 8 cif. Muka ɗaga MTU, wato iyakar girman fakiti, a suwic ɗin, kowa ya tafi masallaci.