Darasi: Yadda ake karanta aikin babbar riga mai aska takwas

Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan aikin da ake yi wa babbar riga yake, kuma za mu ɗauki riga guda ɗaya, wato mai aska takwas, mu bi ta daga wuya har zuwa baya, domin wanda ya iya karanta wannan riga ba zai sha wahalar gane sauran ba.

Idan aka shimfiɗa rigar a kan tabarma, abin da ido zai fara lura da shi shi ne cewa aikin bai raba daidai ba. Mafi yawansa yana ɓangaren hagu na ƙirji, a kan babban aljihu, daga nan ya haura kafaɗar hagu ya gangara baya. Wannan ba kuskuren maɗinki ba ne, haka tsarin yake tun asali. Daga gefen wuya za a ga wasu siffofi dogaye masu faɗi a sama da tsini a ƙasa, su ne ake kira aska. Idan guda biyu ne kawai, rigar aska biyu ce. A kan aska takwas kuwa, bayan dogayen nan biyu akwai wasu shida da aka jera uku uku, saboda haka mai ƙirgawa ya fara da manyan, sannan ya nemi jerin biyun.

Me askar take nufi? A nan ya kamata mu yi taka tsantsan. Akwai masu cewa alama ce ta kariya, wato kaifin da ke tsare ƙirjin mai riga daga sharrin maƙiyi da kambun baka, kuma wannan fassara tana da madogara, domin a da malamai ne suka fi zana aikin riga, almajiransu kuma su ɗinka, kuma hannun da ya saba rubuta laya shi ne yake zana aljihu. Amma da yawa daga cikin maɗinka suna ɗaukar sunan a matsayin kwatancen siffa kawai, tun da abin ya yi kama da askar wanzami. A ganina, ma'anar da babu gardama a kanta ita ce ta matsayi. Aska takwas tana cin zare da lokaci fiye da aska biyu nesa ba kusa ba, domin aikin hannu mai kyau yakan ɗauki watanni, saboda haka duk wanda ya gan ta a jikin mutum ya san cewa mai ita yana da abin hannu, ko kuwa wani babba ne ya ba shi.

A ɓangaren dama na ƙirji akwai wani zagaye mai naɗewa, wanda ake maimaita shi da girma a bayan rigar. Sunansa tambari, kamar gangar da ba a kaɗa wa kowa sai sarki, kuma shi ya sa ake danganta shi da sarauta. A kan aljihu kuma, ƙarƙashin asake, akan sami gidan biyar, wato murabba'ai biyar da aka jera, waɗanda tsarinsu ya yi kama da hatimin da malamai suke zanawa a kan allo. Wannan kamanni ne ya ƙarfafa ra'ayin masu ganin cewa aikin riga yana da alaƙa da neman tsari. Sai kuma dagi, ƙullin nan da ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, wanda ake gani a bangon gidaje da kayan fata, kuma wanda ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. A yau mutane suna karanta dagi a matsayin alamar haɗin kai, sai dai ya girmi wannan fassara, domin yana kan riguna tun kafin a yi gwamnatin Arewa.

Zane shi kaɗai ba ya faɗin darajar riga, sai an haɗa da yadi da zare. Rigunan da suka yi suna bayan jihadin 1804, lokacin da sarakunan Daular Sakkwato suke yi wa juna da hakimansu kyautar riguna, an yi su ne da saƙar hannu, siraran ƙyallaye da ake harhaɗawa ɗaya bayan ɗaya. Saƙi shi ne mai shuni da ɗigon fari kamar jikin zabo, kuma a kansa ake yin aiki da zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi da ke zama a jikin itatuwa. Zaren tsamiya ba ya ƙyalli, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa yake, kuma wannan rashin ƙyalli shi ne shaidarsa. A bakin rigar daga ciki akan sa shafi na jan alharini, wanda a da fatake suke kawowa ta hamada, kuma ba a ganinsa sai mai riga ya ɗage hannuwanta ya aza a kafaɗa. Kano da Zariya da Bida su ne garuruwan da suka shahara da wannan sana'a, kuma girken Nupe, wato babbar rigar da Nupawa suke yi, har yau sunansa bai ɓace ba.

Wanda zai sayi riga a yau, ko da ta shadda ce, yana iya bambanta aikin hannu da na keke cikin sauƙi. Ya juya aljihun ya dubi bayansa. Aikin keke yakan fito sumul, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa, da zaren ƙasa shimfiɗe a baya. Aikin hannu kuwa yana da ƙulle-ƙulle inda zare ya ƙare, kuma ƙananan ramukan nan da ake hudawa a zagaye bakinsu da zare ba sa zama girma ɗaya. Haka kuma ya duba ko yadin ya tattare a gefen asake, domin hakan yana nuna cewa an ja zare fiye da kima, kuma bugu ba ya gyara wannan aibi, yakan ɓoye shi ne kawai zuwa wankin farko.

Game da lokutan sa ta, aska takwas rigar taro ce. Ana sa ta ranar Idi, ƙaramar Sallah da babba, da wajen hawan Sallah, inda hakimai suke ɗora mata alkyabba da rawani. Ana sa ta wajen naɗin sarauta, kuma a nan ne ma'anar kyauta take fitowa sosai, domin rigar da sarki ya ba mutum shaida ce ta cewa ya jawo shi jiki. A ɗaurin aure, ango da waliyyai da manyan baƙi su ne suka fi dacewa da ita, haka ma uban jariri ranar suna. Ranar Juma'a, aska biyu ko farar riga mai sauƙin aiki ta wadatar, ko da yake dattijo mai hali ba za a ga baikensa ba idan ya sa babbar.

Inda ba ta dace ba shi ne wajen jana'iza da zaman makoki, domin can ba wurin ado ba ne, kuma mutane sukan zaɓi tufa marar nauyin aiki. Akwai kuma la'akari da wanda za a je gabansa. Saurayin da zai je gaisuwa wurin surukai, ko talakan da zai shiga fada, idan ya sa rigar da ta fi ta mai gida nauyi, ba za a ce masa komai ba, amma za a lura. A nan za mu dakata, sai darasi na gaba, inda za mu duba aikin wando da hula. Wassalamu alaikum.