Kan tantabara ba ya komawa baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau na fito dandalin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin nan da nake zaune, sanyi na kaɗawa, ga tantabaru nan sun cika wurin suna kiwo. Ku dubi waccan mai ruwan toka da ke wucewa ta gaban benci. Duk taku ɗaya sai ta cilla kai gaba, sai kuma ka ga kamar ta janyo shi baya. To abin da nake so in nuna muku shi ne, komawa bayan nan babu ita. Idonmu ne yake ruɗinmu.

Bari in ajiye wayar a ƙasa, in jingina ta da jakata don kada ta motsa. Na saita ta a kan Slo-mo, mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ɗaya, idan aka kunna sai tafiyar ta ragu ninki takwas. Kun ga ƙafar bencin can ta ƙarfe? Ita ce ma'auninmu, domin ba ta motsi. Ku zuba wa idon tantabarar ido, ku manta da jikinta.

Yauwa, ga ta nan. Ta miƙa wuya, idonta ya zo daidai ƙafar benci, ya tsaya cak. Ƙafafunta ba su daina tafiya ba, ƙirjin yana matsowa, wuyan yana lanƙwashewa yana gajarta, amma idon yana nan daidai ƙarfen kamar an kafe shi da ƙusa. Sai da jikin ya kusa shiga ƙarƙashin kan, sannan fit! ta sake cilla shi gaba ya kafe a sabon wuri. Abu biyu ke nan take yi a kowane taku: cillawa da tsayarwa. Lokacin da muke ganin kamar kan ya koma baya, jiki ne ya cim masa.

Idan za ku gwada, ku kiyaye abu uku. Kada ku bi tsuntsuwar da waya, domin da zarar kyamara ta bi jikin, kan zai fito yana gaba yana baya, kun koma gidan jiya. Ku ɗauke ta daga gefe, ba ta gaba ba. Sannan ku nemi mai tafiya a natse. Wadda yara suka koro tana gudu ba za ta nuna muku komai ba, saboda idan sauri ya yi yawa kan ba ya samun tsayawa gaba ɗaya, rage gudu kawai yake yi.

To me ya sa take wannan wahala? Don ta gani ne. Ido ba ya iya tantance abu idan hoton yana zamewa a cikinsa, komai sai ya zama dishi-dishi. Mu ma muna da wannan matsalar, sai dai da ƙwayar ido muke maganinta. Ku lura da mutumin da ke zaune a jirgin ƙasa yana kallon waje ta taga: ƙwayar idonsa tana kama bishiya ta bi ta a hankali, sai ta yi tsalle ta kama ta gaba, shi bai ma san yana yi ba. Tantabara ma tana juya ƙwayar ido, amma ba ta kai mu ba. Ga shi kuma idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta in ban da ɗan abin da ke bayan ƙeya, don haka idan tana tafiya duniya ta gefenta take wucewa. Abin da Allah ya hore mata shi ne wuya mai tsawo da laushi. Mu ƙasusuwan wuyanmu bakwai ne, nata sun haura goma. Sai ta ɗora wa wuyan aikin.

Ribar wannan tsayawar babba ce. Muddin kan yana kafe, duk abin da ba ya motsi a kafe yake a idonta, saboda haka duk abin da ya gilma, kyanwa ce ta laɓaɓo ko inuwar shaho, nan take zai fita daban. Masana da dama suna ganin cillawar ma tana da nata amfani: idan kai ya yi gaba da sauri, abin da ke kusa yana gocewa fiye da na nesa, da haka take auna tazarar ƙwayar hatsi ko bakin dakali.

Na san wani zai ce, malam, ai ƙila tafiyar ce ke kaɗa kan, ko kuma tana daidaita nauyinta ne kada ta faɗi. An daɗe ana wannan zaton, kuma gwajin da ya kwance shi yana burge ni ƙwarai saboda sauƙinsa. A 1978, Barrie Frost na Jami'ar Queen's a Kanada ya ɗora tantabaru a kan bel mai juyawa, irin na injin gudu na gidan motsa jiki. Tsuntsuwa tana taku, bel yana janye ta baya daidai saurinta, don haka ɗakin bai gusa a idonta ba. Da ƙafa ce ke jawo kaɗa kai, da an ga tana kaɗawa. Sai ga ta tana tafiya kai a tsaye shiru. Kafin shi, a 1975, Mark Friedman ya yi aiki da kurciyoyi, ya nuna ɗaya gefen maganar: tsuntsuwa tana wuri ɗaya ba ta taku, amma da aka motsa abin da ke kewaye da ita sai ta shiga kaɗa kai. Wato ido ne ke ba da umarni.

Akwai wani abu da ya faru a gwajin Frost. Bel ɗin yana tafiya a hankali sosai, tantabara na tsaye a kai ba ta taku. Jikinta yana ta ja baya, ita kuwa ta kafe kai a inda yake, wuya yana ta miƙewa, har dai ta kifa gaba. Ta gwammace ta riƙe hoton da ke idonta ko da tsayuwa za ta gagara.

Amma kada ku ɗauka kan yana tsayawa ɗari bisa ɗari. Frost da Nikolaus Troje sun auna a 2000, suka tarar yana ɗan zamewa kaɗan, abin da idonmu ba zai kama ba. Ɗan zamewar nan ita ƙwaƙwalwa ke ji ta gyara wuyan, domin in babu kuskure ko kaɗan babu abin da za ta gyara da shi.

Ba kowane tsuntsu ke yi ba. Kaza tana yi, gauraka da zalɓe suna yi, agwagwa kuwa tafiyarta take kai a sake. Duk mai kaza a kusa zai iya gani da hannunsa: ka ɗauke ta, ka matsar da jikinta gaba da baya a hankali, kan zai tsaya wuri ɗaya har sai wuyan ya ƙure, sannan ta ɗauke shi ta kafe a gaba.

Bari in ɗauki wayata, hannuna ya fara ƙanƙarewa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.