Ƙarfe 9 na dare intanet ɗin yara ya ɗauke: yadda ake saitawa daga rauta

Assalamu alaikum iyaye. A ce gidanku a Kubwa yake, kuna da yaro ɗan aji biyu na sakandare, motar makaranta tana zuwa kafin bakwai, shi kuma sha ɗayan dare yana cikin bargo da waya. Abin da muke so: intanet ɗinsa ya ɗauke ƙarfe 9, ya dawo 6 na safe, naku bai taɓu ba.

Ku juya rautar, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, akwai takarda manne a ƙasanta mai kalmar sirri da adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ku rubuta shi a burauza. Kafin komai ku sauya kalmar sirrin shiga, domin yaron ma ya iya karanta takardar nan.

Sai agogo. Ku buɗe Time Settings ku zaɓi GMT+01:00, lokacin Najeriya ke nan. In aka bar shi a GMT, taran da kuka sa sai goman dare za ta kama. Ku bar rautar tana ɗauko lokaci daga intanet, saboda wasu rautocin agogonsu kan rikice in an ɗauke wuta.

Yanzu ku shiga Parental Controls, ku zaɓi wayar yaron, ku sa awannin. A kula, wata rautar awannin da aka yarda take tambaya, wata kuma na hani.

Ga inda nake so ku nutsu. Rauta ba ta san yaronku ba, lambar shaidar wayarsa da ake kira MAC ta sani. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya tana iya nuna lambar aro maimakon tata ta asali. Yaro ya taɓa Private Wi-Fi Address, ko Use randomized MAC, shi ke nan rauta ta ɗauka baƙo ne ya zo, dokar ba ta hau kansa ba. Alamar ita ce ku ga sabuwar waya a jerin na'urori, alhali ba wanda ya sayi waya a gidan. Maganinsa, in rautarku tana da Access Control, ku kunna Whitelist, ku sa na'urorin gida kaɗai. Duk lambar da ba ta ciki, ba shiga.

Toshe shafi kuwa, sunan shafin rauta take gani, ba ta ganin abin da ke ciki, don haka ba za ta ware bidiyon darasi da na shirme ba. In YouTube za ku rufe, youtube.com kaɗai ba lallai ya tsayar da manhajar ba, ku haɗa da youtu.be da googlevideo.com. VPN, wato manhajar da ke ɓoye wa rauta shafin da ake shiga, na iya kewaye wannan toshewar, ku duba ko akwai ta a wayar. Datar layin waya kuma ba ruwanta da rauta sam.

Daren farko, ƙarfe 9 da minti biyu, ku karɓi wayar ku kashe data, ku gwada buɗe shafi da hannunku.