"Bayan Sallah" Ɗin Nan, Wace Sallar? Labarin Buhu 30 na Masara

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Auwal kamar kullum, ga kuma Malam Habu, wanda ya daɗe yana harkar hatsi kafin gwiwa ta zaunar da shi a gida. Malam, sannu da zuwa.

Malam Habu: Yauwa Binta, sannunku da aiki. Gwiwar dai ta zauna, bakin bai zauna ba.

Auwal: Bakin muke nema ai, Malam. An ce ka zo mana da labari.

Malam Habu: Labari ne na wani ɗan kasuwa a Dawanau. Sunan da zan ba shi ba nasa ba ne, mu ce Alhaji Sabo. Yana da abokin ciniki, mu ce Malam Isa, mai sarin masara yana kaiwa garinsu yana sayarwa tiya-tiya. Sun fi shekara 10 tare, ko tari ba a taɓa ji a tsakaninsu ba. To wata shekara, ana cikin Sha'aban, Isa ya zo ya ce jarinsa ya yi ƙasa, a ba shi buhu 30, zai biya bayan sallah. Alhaji ya ce, "Ɗauki mana, ai ni da kai ba ta ɓaci." Aka loda mota, aka yi musabaha, shi ke nan.

Binta: Ko a littafi bai rubuta ba?

Malam Habu: Ya rubuta, irin rubutunmu na kasuwa: "Isa, 30." Ba kuɗi, ba rana, ba sunan uba.

Auwal: Ni tun yanzu na hango rami ɗaya. Bayan sallah, wace sallar?

Malam Habu: Ka rigaye ni. Alhaji ƙaramar sallah yake nufi, don yana so ya juya kuɗinsa. Isa kuwa a ransa babbar sallah ce, lokacin da zai sayar da ragunan da yake kiwo. Tsakanin biyun wata biyu ne da kwana 10. Kuma ko da sun yarda a kan sallah ɗaya, "bayan" ba shi da iyaka. Kwana uku bayan sallah ne, wata uku ma bayan sallah ne.

Binta: Mu ma mata haka muke fama da masu ɗaukar atamfa, "sai an ɗauki adashi." Adashin wa, oho.

Malam Habu: Ƙaramar sallah ta wuce da mako biyu, Alhaji ya fara kira. Isa ya yi mamaki, amma bai yi musu ba, ya turo 300,000 ta banki. Bayan wasu makonni ya shigo Kano ya miƙa 150,000 hannu da hannu. Ana nan dai har babbar sallah ta zo ta wuce, ya zo a yi lissafi a rufe. Nan ne aka ji su. Alhaji ya ce buhu a 40,000 ya bayar, buhu 30 ya kama 1,200,000. An biya 450,000, saura 750,000. Isa ya ce a'a, ranar da ya ɗauki kaya ya nemi ragi, Alhaji ya ce "an rage maka," don haka 38,000 ne, jimilla 1,140,000. Kuma ban da waɗancan biyun, ya aiko direba da 200,000. Shi a lissafinsa saura 490,000.

Auwal: Tsakaninsu 260,000 ke nan. To Malam, a cikinsu wa ke ƙarya?

Malam Habu: Babu. Abin da ya sa na zaɓi labarin nan ke nan. Alhaji ya tuna ya ce "za a duba maka," Isa ya ji "an rage maka." Maganar da aka yi a tsaye ce, ga ƙarar mota, ga 'yan dako na jira a sallame su, kuma wata biyar sun wuce.

Binta: Ba wanda ke wurin?

Malam Habu: Akwai dillali. Da aka kira shi gaban shugabannin layi sai ya ce, shi dai ya ƙirga buhu 30 da idonsa, amma kuɗi bai sa kunne ba, don ba wanda ya ce masa ya shaida. Kun ga bambancin wanda ke wuri da wanda aka sa shaida.

Auwal: In da kotu suka je fa?

Malam Habu: Wani dattijo a wurin ya faɗa musu yadda za ta kaya. Ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a rigima irin wannan kowa mai da'awa ne ta wani gefen. Alhaji ne ke neman 60,000 ɗin da Isa bai amsa ba, sai ya kawo hujja. Isa kuma shi ya ce ya biya 200,000, to shi zai kawo hujjar biya. Dukansu hannu wayam. Ƙarshenta a miƙa wa mutum Alƙur'ani, kuma ɗan kasuwa mai mutunci ya gwammace ya yi asara da a ce ya dafa Alƙur'ani a kan kuɗin masara. Sai aka yi sulhu, aka raba 260,000 ɗin biyu, Isa ya biya 620,000. Kowa ya tafi yana ganin shi aka cuta, gaisuwa ma ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Binta: Ni 200,000 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Direban ne ya ci?

Malam Habu: Haka kowa ya zata, bawan Allah har an fara yi masa kallon ɓarawo. Sai da kaka ta yi, yaron shagon Alhaji yana bin littafi, ya ga 200,000 a shafin wani Isan daban, mai sarin gero. Direba ya kawo kuɗi ranar da Alhaji ba ya nan, ya ce "saƙon Isa ne," yaro ya buɗe shafin Isan da ya fara gani.

Auwal: Innalillahi. Ashe Isa gaskiyarsa.

Malam Habu: A kan wannan dai. Alhaji ya ɗauki 100,000, rabin da sulhu ya ɗora wa Isa a kan kuɗin da ya riga ya biya, ya tafi har garinsu ya mayar masa, ya nemi gafara. A can ne limamin unguwar, da ya ji labarin, ya karanta musu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Ma'anarta, idan kuka ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce, ku rubuta shi. Alhaji ya ce ya sha jin ta a tafsirin azumi, bai taɓa kawo ta kan buhun masara ba.

Binta: Akwai abin da ke burge ni a ayar nan. Ba mai ba da bashi aka ce ya yi shifta ba, wanda ake bi ne zai faɗa a rubuta.

Malam Habu: Nan hikimar take, Binta. In Isa ne da bakinsa ya ce "buhu a kaza na ɗauka," gobe ba zai ce an rubuta masa abin da bai sani ba. Kuma da a ranar ya faɗi 38,000, nan take Alhaji zai ce a'a, a warware kafin mota ta tashi. Ayar ta kawo shaidu, ta ce kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Cinikin hannu da hannu ne aka ce ba laifi in ba a rubuta ba.

Auwal: To da Isa ya dawo ɗaukar kaya, me suka rubuta? A faɗa mana dalla-dalla, wani na saurare da biro a hannu.

Malam Habu: Rabin shafi ne. Kwanan wata a sama. Sai Isa ya faɗa, yaro ya rubuta: ni wane ɗan wane, na gari kaza, ga lambar wayata, na karɓi farar masara buhu 20 daga hannun Alhaji wane, kowane buhu a kan kaza, jimilla kaza. Jimillar a rubuta ta da lamba, a sake rubuta ta da kalmomi, don ƙara sifili a lamba ba wuya. Sai ranar biya, rana takamaimai da wata da shekara. Sai layin da Alhaji ya ƙara saboda abin da ya same shi: duk biyan da za a yi, ko ta asusun banki kaza, ko a hannun Alhaji, kuma a rubuta shi a bayan takardar nan da kwanan wata, kowa ya sa hannu. Shaidu biyu, a karanta musu da ƙarfi, su sa hannu ko su dangwala yatsa. Kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya ya ɗauke ta hoto a waya.

Auwal: Amma yanzu da ake tura kuɗi ta waya, alat bai wadatar ba?

Malam Habu: Alat yana nuna kuɗi sun shiga, ba ya nuna na mene ne. Mutumin da kuke ciniki uku da shi, na wanne ya biya? Kuma alat ba ya faɗin nawa ake bi tun farko.

Binta: In ranar ta zo bai biya ba, za a iya rubuta cewa kuɗin zai ƙaru?

Malam Habu: A'a, ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce. In kana tsoro, nemi jingina ko wanda zai tsaya masa tun farko, a sa a takardar. In kuma ka ƙara masa lokaci, rubuta sabuwar ranar a baya. Takarda ba ta haifar wa wanda ya karye kuɗi, gardamar nawa da yaushe kawai take kashewa.

Auwal: Ni abin da ke mini nauyi shi ne buɗe bakin. Mutumin da ya halarci sunan ɗanka, ka ce masa ya dangwala yatsa? Zai ce ka mai da shi ɓarawo.

Malam Habu: Alhaji ma ya sha wannan. Wani tsohon abokin cinikinsa ya yi fushi ya bar kayan, ya koma wani shagon, bai sake dawowa ba. Daga nan ya gane kuskurensa zaɓe ne, a rubuta wa wannan a ƙyale wancan. Sai ya mai da abin na kowa, har ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma in ya karɓo kaya bashi a wurin manya, shi ke fara cewa a kawo takarda. Abin da yake faɗa wa mutane kuwa, "Ba don ni da kai ba ne, don ranar da ɗayanmu ba ya nan, kada 'ya'yanmu su tsaya gaban alƙali." Da wuya ka ga wanda ya ja da wannan.

Binta: Isa fa, bai ji komai ba da aka miƙo masa biro?

Malam Habu: Isa? Ai shi ya hana yaro rufe littafi. Ya ce a rubuta sunan ubansa da na kakansa, kuma a ƙara "mai masara" da manyan baƙaƙe, don ya ji an ce yanzu Isa uku ne ke ɗaukar kaya a shagon.