Kishi da Kulawa: Yadda Ake Gane Bambancinsu
(Laccar da wata malama mai sulhunta ma'aurata ta gabatar wa Hausawa mazauna Makka, an rubuto daga faifai)

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana.

Kishi tsoro ne. Mutum yana da wani matsayi a zuciyar wani, sai ya ji kamar na uku zai ƙwace masa. Nan ya sha bamban da hassada, wadda baƙin ciki ce da ni'imar da ke hannun wani. Tsoron kan samo asali daga cin amanar da aka taɓa yi wa mutum, ko tasowa a gidan da ake nuna fifiko, ko ganin kai bai isa ba. Zaman nan ma yana ƙara masa wuta: miji ba aiki, mata ce ke kawo riyal, dangi suna nesa.

Shi kansa jin ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito cewa ɗaya daga matan Annabi (SAW) ta fasa akushin da abokiyar zamanta ta aiko. Ya tattara abincin, ya ce, "Uwarku ta yi kishi," sannan aka biya da akushi lafiyayye. Ku lura, bai muzanta ta ba, amma an biya ɓarnar. A hadisin Jabir ɗan Atik kuma, wanda Abu Dawud ya kawo, kishin da Allah yake so shi ne na inda akwai abin zargi, wanda yake ƙi kuwa na inda babu.

To, ga misali. Mace tana aikatau a Aziziyya, ta saba dawowa bayan Magariba, yau har Isha'i shiru. Mai kulawa zai kira ya ce, "Lafiya? Kin samu mota?" Ta ce baƙi aka yi, shi ke nan, hankalinsa ya kwanta. Mai mugun kishi zai ce ta buɗe bidiyo ya ga inda take. Ta buɗe. Ya ce muryar wa ya ji? Ta dawo, ya karɓe wayar yana bin saƙonni.

Abin da mai sulhu ke dubawa ke nan: shin amsa tana kashe tambaya? Kulawa tana ƙoshi da amsa. Zargi ba ya ƙoshi, domin binciken waya yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, gobe zuciya ta ce ai gogewa ta yi. Ita kuma, don gudun fitina, ta fara ɓoye abin da ba laifi ba, ya gano, ya ce ga hujja. Wannan zagayen ya fi ba ni tausayi, domin su biyun duka wahala suke sha.

Maganin sai a raba shi tsakaninsu. Ita ta riƙa sanar da shi tun kafin ta makara. Shi ya daina bincike gaba ɗaya, ya koyi cewa "na ji tsoro" maimakon "ina kika je". Amma in ya kai ga riƙe mata iƙama, wato takardar izinin zama, ko hana ta kiran gida, ko duka da barazana, an wuce nasiha: a sanar da waliyyanta, a fara tsare lafiyarta. In kuwa ya kafe a kan zargin da kowace hujja ta ƙaryata, musamman mai shaye-shaye, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.